Yadda Ake Shirya Tambayoyin Tattaunawa Kan Adalci Ga Manya Masu Fara Nazarin Falsafa

Tun da na fara jagorantar zaman nazarin falsafa tare da wasu magidanta da iyaye mata a unguwarmu, tambayar da aka fi yi mini ita ce yadda nake tsara tambayoyin da muke tattaunawa a kansu, musamman na batun adalci, wanda shi ne ya fi tayar da muhawara. Masu tambayar galibi sun riga sun gwada, sun tara mutane, sun jefa musu tambayar "mene ne adalci", sai aka yi shiru na ɗan lokaci, sannan wani dattijo ya ba da amsa mai kyau wadda ba wanda zai iya musantawa, zaman ya mutu tun kafin shayi ya huce. Ga matakan da nake bi, da cikakken jerin tambayoyi tara da aka gina a kan labari guda, wanda kowa zai iya ɗauka ya gyara daidai da mutanensa.

Mataki na 1: Yawan mutane, lokaci da kayan aiki

Mutum takwas zuwa goma sha biyu sun isa. Idan suka gaza shida, ra'ayoyi ba sa bambanta sosai, idan kuma suka haura goma sha biyar, mutum uku ne za su mamaye maganar, sauran su koma 'yan kallo. A ware awa ɗaya da rabi, a kuma zaɓi lokacin da salla ba za ta raba zaman biyu ba, kamar safiyar Asabar ko bayan Isha'i, domin muhawarar da aka katse a tsakiya da wuya ta koma inda take.

Kayan aikin ba su da yawa. Ana buƙatar takarda shafi ɗaya mai ɗauke da labarin ga kowane mutum, da allo da alli ko babbar takardar kwali da maka, da ƙananan gutsattsarin takarda guda uku-uku ga kowa, da biro, da kwano ɗaya mai murfi. Abin da za a kashe bai wuce kuɗin buga shafi goma sha biyu da kwali biyu da abin sha ba, kuma ya fi kyau a yi karo-karo a kansa da a bar mutum ɗaya ya ɗauki nauyin, saboda wanda ya ciyar da jama'a ana jin nauyin musanta ra'ayinsa.

Gargaɗi: kada a buga tambayoyin a takardar da za a raba. Labarin kaɗai za a raba. Tambayoyin su zauna a hannun mai jagora, domin idan mutane suka hango tambaya ta shida tun suna kan ta farko, za su fara gyara amsarsu don kada a kama su da saɓa wa kansu daga baya, alhali wannan saɓanin shi ne abin da ake son ya fito fili.

Mataki na 2: Zaɓen labari ɗaya

Babban mutum da ya yi shekara arba'in yana zama da jama'a ya san adalci da zalunci a aikace fiye da yadda zai iya fassara su da baki. Ya raba rigimar 'ya'yansa, ya shiga adashi, an taɓa tsallake shi a layi. Saboda haka tambayoyin su tashi daga labari, kuma labarin ya cika sharuɗɗa uku.

Na farko, ya zama abin da kowa a wurin ya taɓa gani da idonsa, kamar karo-karon gyaran taransifoma, ko rabon naman watanda, ko jerin kwasar adashi, ko rabon amfanin gandu tsakanin 'yan'uwa. Na biyu, kada a sami mugu a cikinsa. Da zarar an sa azzalumi a labari, kowa zai taru a kansa, a tsine masa, a tashi ba a koyi komai ba. Labarin da ke aiki shi ne wanda kowane mutum a cikinsa yake da hujjar da mai hankali zai saurara. Na uku, ya ƙunshi abin da za a iya ƙidayawa, kuɗi ko jarka ko kwanaki, domin lissafi yana tilasta wa mutum ya faɗi abin da yake nufi da "a sassauta masa".

Gargaɗi: a zaman farko a kauce wa rabon gado da rabon zakka. Waɗannan suna da hukuncinsu a shari'a, kuma da an ambace su zaman zai koma neman fatawa, a juya ga wanda ya fi kowa karatun addini, sauran su kama bakinsu, kuma suna da gaskiya da suka yi hakan. Haka nan a jinkirta batun rabon muƙamai tsakanin jihohi da ƙabilu har sai mutanen sun saba da juna. Batu ne na adalci na haƙiƙa, amma idan aka fara da shi, kowa garinsu zai kare. Kada kuma a ɗauko rigimar da ke gudana a unguwar yanzu haka, ko da an sauya sunaye, domin za a gane.

Mataki na 3: Rubuta labarin da lissafinsa

Ga labarin da nake amfani da shi. Ƙirƙirarre ne, kuma na zaɓi lambobinsa ne don su rabu cikin sauƙi a kan allo.

Famfon burtsatse na wani layi ya lalace, mai gyara ya ce sai naira 120,000. Gida goma sha biyu ne ke layin, jimillar mutanensu 120, kuma ana ɗiban jarka 200 a rana. A cikin gidajen akwai huɗu da ake magana a kansu. Akwai gidan wani dattijo mai mutum 25 har da shi, suna ɗiban jarka 30. Akwai gidan wata bazawara da mijinta ya rasu ya bar ta da yara shida, tana ɗiban jarka 10, kuma da ƙosai take riƙe gidan. Akwai wani saurayi da ke zaune shi kaɗai yana buga bulo, yana ɗiban jarka 50. Sai wani attajiri wanda yake da nasa burtsatsen a cikin gida, bai taɓa ɗiban ko kofi ɗaya a famfon layi ba. An taru ana son a yanke abin da kowane gida zai bayar.

Mai jagora ya yi lissafin tun a gida, ya riƙe shi a takardarsa. Idan an raba daidai gida-gida, kowa zai ba da 10,000. Idan an bi yawan kawuna, kowane mutum 1,000 ne, don haka dattijo zai biya 25,000, bazawara 7,000, mai bulo 1,000 kacal. Idan an bi yawan ɗiba, kowace jarka ta tashi a 600, mai bulo zai biya 30,000, dattijo 18,000, bazawara 6,000, attajiri ko sisi. Idan kuma aka ɗauke wa bazawara, aka raba wa sauran gida goma sha ɗaya, kowanne zai ba da kusan 10,900.

Wannan lissafin shi ne ƙashin bayan zaman, domin kowace hanya a cikin huɗun tana da kamannin adalci, kuma kowacce tana da wanda take dannewa. Raba daidai yana sa mai ƙosai ta biya abin da mai bulo ya biya. Bin kawuna yana barin wanda ya fi kowa ɗiba ya biya mafi ƙaranci. Bin ɗiba yana sakin wanda ya fi kowa hali. Idan mai jagora ya gwada labarinsa ya ga akwai hanya ɗaya da ta gamsar da kowa ba tare da ta ƙuntata wa wani ba, to labarin bai nuna ba tukuna, ya koma ya ƙara masa mutum ɗaya da hanyar za ta cuta.

Gargaɗi: labarin kada ya wuce rabin shafi, kuma a karanta shi da baki sau biyu, saboda ba kowa ne ke son a gane cewa karatun boko yana masa nauyi ba. Kada a siffanta mutanen da kalmomin yabo ko zargi. "Attajiri" ya isa, da an ce "marowacin attajiri" an riga an yanke wa jama'a hukunci.

Mataki na 4: Tambayoyi uku na farko, hukunci sannan dalili

Tambaya ta 1: Da kai ne aka ba wuƙa da nama, nawa kowane ɗaya daga gidaje huɗun nan zai biya?

Wannan ba a amsa ta da baki. Kowa ya rubuta lambobi huɗu a gutsuren takarda ba tare da suna ba, a zuba a kwano, mai jagora ya karanta su ɗaya bayan ɗaya yana rubutawa a allo. Wanda rubutu ke ba shi wahala ya raɗa wa mai jagora. Dalilin wannan wahalar sananne ne ga duk wanda ya taɓa zama a majalisa: idan Alhaji ko Malam ya riga ya yi magana, ƙarami ba zai ce "ni ban ga haka ba", kuma mace ba lallai ta musanta mijin ƙawarta a bainar jama'a ba. Na taɓa sakaci da wannan matakin sau ɗaya don ina ganin lokaci ya ƙure. Dattijon da ya fi kowa shekaru ya ce a raba daidai, mutum tara suka ce haka ne, muka zauna muna kallon juna. Da na raba takardun daga baya, sai ga amsoshi iri biyar, har da na wata baiwar Allah da ta ɗora wa attajiri rabin kuɗin gaba ɗaya.

Tambaya ta 2: Wane dalili ne ya sa aka rubuta wannan lambar, kuma za a iya faɗinsa a jimla ɗaya da za ta shafi kowane gida a layin?

A nan ne falsafa take shigowa ba tare da an kira sunanta ba. Mutum zai ce "ai ita abin tausayi ce", sai mai jagora ya taimaka masa ya mai da maganar ƙa'ida: "kowa ya biya gwargwadon ƙarfinsa". Wani zai ce "wanda ya sha shi zai biya", a rubuta "kowa ya biya gwargwadon amfanin da ya samu". A rubuta ƙa'idojin a allo da kalmomin masu su, kada a yi musu kwalliya. Yawanci huɗu ne ke fitowa: daidaito, amfani, ƙarfi, da buƙata. Idan ɗaya ba ta fito ba, kada mai jagora ya yi gaggawar kawo ta, tambayoyin gaba za su fito da ita.

Tambaya ta 3: A cikin mutane huɗun, wa zai fi jin an zalunce shi da ƙa'idarka, kuma me zai ce maka idan kuka haɗu a ƙofar gida?

Ina son wannan tambayar fiye da sauran, domin tana sa mutum ya ari bakin wanda bai goyi baya ba. A nemi ya faɗi ƙorafin da muryar mai shi, kamar "Baba, ni kaɗai nake kwana a ɗakina, don me zan biya abin da gidan mutum ashirin da biyar ya biya?" Idan ya faɗi ƙorafin a raunane don ya ji daɗin rushe shi, a tambayi sauran ko akwai mai iya ƙarfafa shi.

Gargaɗi: kada a karɓi karin magana a matsayin amsa ta ƙarshe. Wani zai ce "kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi", jama'a su yi na'am. Maganar ta dace, amma mai jagora ya tambaya a hankali: a labarin nan, wace ce kurar, wane ne gardin? Sau da yawa sai a tarar mutum biyu da suka yi na'am da karin maganar ba mutum ɗaya suke nufi ba.

Mataki na 5: A sauya abu ɗaya tak, a ga ko hukunci zai motsa

Wannan shi ne matakin da ya fi buƙatar natsuwa wajen rubutawa, kuma a nan ne masu shirya tambayoyi suka fi yin kuskure. Dabarar ita ce a taɓa abu guda a cikin labarin a bar sauran yadda suke, domin idan ra'ayin mutum ya juya a san abin da ya juya shi.

Tambaya ta 4: A ce mai bulo ne ya yi ta gyaran ƙananan matsalolin famfon da hannunsa shekara biyu ba a biya shi ba. Abin da zai biya yanzu ya ragu? Da nawa?

Wannan tana fito da ƙa'ida ta biyar, wato cancanta, abin da mutum ya samu da guminsa. Za a ga waɗanda suka ɗora masa 30,000 sun fara ja da baya, sai a tambaye su ko aikin da ya yi bashi ne a kan layin ko kyauta ce da ya riga ya bayar. Amsoshin biyu duka suna da masu kare su.

Tambaya ta 5: A ce attajirin nan bai taɓa ɗiban ruwa ba, amma masu aikin gidansa da almajiran da ke kwana a zaurensa a famfon suke sha. Ko kuma a ce babu ko ɗaya daga cikin wannan, maƙwabtaka ce kawai ta haɗa shi da layin. A wanne hali ne ya zama dole ya biya, a wanne ne kuma biyansa alheri ne kawai?

Manufar ita ce a rarrabe adalci da kyauta. Mutanenmu suna haɗa su a magana, a ce "ya yi adalci" ga wanda ya yi sassauci, a kuma ce "ba shi da adalci" ga wanda ya ƙi taimako. Tambayar da za ta raba su ita ce: idan ya ƙi biya, an cuci wani ne, ko dai an rasa wani alheri ne da aka sa rai? Idan an cuci wani, a nuna shi, a faɗi haƙƙinsa da aka ci. Wannan muhawarar takan ɗauki lokaci fiye da yadda aka tsara, kuma ni ba na katse ta, domin wanda ya fita da wannan bambancin kaɗai ya sami abin da ya zo nema.

Tambaya ta 6: A ce an ɗauke wa bazawara, sai aka gano a cikin sauran gidajen akwai wani magidanci da ya rasa aikinsa wata shida da suka wuce, yana ɓoyewa saboda kunya, kuma yanzu an ƙara masa kusan 900 a kan kasonsa. An yi masa adalci?

Da wannan ake nuna cewa ƙa'idar buƙata tana da tsada: sai an san halin kowa, kuma sanin halin kowa yana nufin wani ya tona asirinsa a gaban maƙwabta. Wanda ya zaɓi raba daidai tun farko, aka yi ta yi masa kallon mai taurin zuciya, a nan yakan sami bakin magana, domin raba daidai ba ya tambayar kowa abin da ke cikin tukunyarsa.

Gargaɗi: kada a sauya abu biyu a tambaya ɗaya. Idan aka ce mai bulo ya yi gyara kyauta kuma mahaifiyarsa tana kwance a asibiti, duk wanda ya rage masa kuɗi ba zai iya cewa don aikinsa ne ko don halinsa ba, kuma tambayar ta tashi a banza. Haka kuma bayan kowace tambaya a koma ga ainihin labarin kafin a shiga ta gaba, a faɗa a fili cewa an janye canjin da aka yi.

Mataki na 6: Daga abin da aka raba zuwa yadda aka raba

Har zuwa nan ana magana ne a kan sakamako. Tambayoyi biyu na gaba suna duba hanyar da aka bi aka kai gare shi.

Tambaya ta 7: A ce mai unguwa ne ya zauna shi kaɗai ya yanke kason kowa, kuma lambobin da ya fitar sun yi daidai da waɗanda kai ka rubuta. A wani layin kuma an tara kowa, har da bazawara da saurayi, aka yi shawara, aka fitar da lambobin da kai ba ka so. Wane layi ne aka fi yi wa adalci?

Idan mutane suka rikice, a tuna musu da abin da suka sani. A watanda, bayan an kasa nama kashi-kashi, akan yi ƙuri'a ko a sa wanda bai ga kason ba ya nuna na kowa, kuma wanda ya sami kashi mai yawan ƙashi yakan haƙura saboda ya ga yadda aka yi. Iyaye mata kuma sun san dabarar raba wa yara biyu abu ɗaya: ɗaya ya yanka, ɗayan ya fara zaɓa, sai mai yankan ya daidaita wuƙarsa ba tare da an yi masa wa'azi ba.

Tambaya ta 8: A ce za ka zaɓi ƙa'idar biyan kuɗin yanzu, amma ba ka san wane gida ne naka ba sai an gama zaɓe. Wace ƙa'ida za ka ɗauka?

Wannan ba a barin ta a baki, aikata ta ake yi. Kowa ya rubuta ƙa'idarsa a gutsure na biyu ya riƙe. Sannan a zuba a kwano takardun da aka rubuta "dattijo", "bazawara", "mai bulo", "attajiri" da "sauran gidaje", kowa ya ɗauki ɗaya, ya lissafa abin da ƙa'idarsa ta ɗora masa, ya faɗa wa jama'a ko har yanzu yana kan bakansa. Dole a rubuta ƙa'ida kafin a ɗauki ƙuri'a. Idan aka juya tsarin, kowa zai zaɓi abin da ya yi wa gidansa daɗi, wasan ya rasa ma'anarsa.

Mataki na 7: Tambayar rufewa da sunayen masana

Tambaya ta 9: A duba lambobin da ka rubuta a farko. Akwai wadda za ka canza yanzu? Wace tambaya ce, ko maganar wa, ta sa ka canza? Idan ba ka canza ba, wace hujja ce ta fi ba ka wahalar amsawa?

A rubuta amsar a gutsure na uku, wanda ya so ya karanta tasa. Kashi na ƙarshe na tambayar yana da muhimmanci, saboda yana ba wanda bai sauya ra'ayi ba damar nuna cewa ya saurara, ba tare da an sa shi jin kamar an kayar da shi ba.

Sai bayan wannan ne mai jagora zai ambaci masana, cikin minti biyar, yana nuna allo. Ya ce wanda ya kawo maganar a ba kowa gwargwadon abin da ya dace da shi ya bi sawun Aristotle na tsohuwar Girka, wanda ya ɗauki adalcin rabo a matsayin daidaita kaso da cancantar mutum. Ya ce wasan kwanon da aka yi sauƙaƙƙen salo ne na tunanin John Rawls, ɗan Amurka, wanda a littafinsa na 1971 ya ce a zaɓi ƙa'idojin zaman jama'a kamar ana bayan labule, ba wanda ya san matsayin da zai faɗa. Ya ce wanda ya kare attajiri da cewa ba a taɓa dukiyar da mutum ya samu ta halal sai da yardarsa yana kusa da Robert Nozick, wanda ya mayar wa Rawls martani a 1974. Sunaye uku sun isa.

Gargaɗi: idan aka kawo sunayen nan a farkon zama, mutane za su ɗauka akwai amsar da Turawa suka riga suka gano, aikinsu kawai su canka ta. Idan aka kawo su a ƙarshe, mai sayar da hatsi zai ga cewa hujjar da ya kawo da kansa tana da masu kare ta a manyan jami'o'i, tana kuma da masu sukarta, kuma ya riga ya ji sukar daga bakin maƙwabcinsa.

Mataki na 8: Gwaji kafin ranar zama, da rabon lokaci

Kwana biyu kafin zaman, a karanta wa mutum biyu da ba za su halarta ba labarin da tambayoyin, zai fi kyau namiji da mace masu bambancin shekaru. Ana neman alamu uku. Idan dukansu suka ba da amsa ɗaya nan take, tambayar tana jan mutum zuwa amsa, a duba ko akwai kalma irin "ashe", "ai" ko "ko ba haka ba" a cire ta. Idan suka ce "me kake nufi", tambayar ta yi tsawo ko ta ƙunshi tambaya biyu. Idan suka fara neman ƙarin bayani, kamar ko dattijon yana da 'ya'ya masu albashi, to alama ce mai kyau, amma mai jagora ya shirya amsa ɗaya ya tsaya a kanta, ko ya mayar da tambayar: da yana da su, me zai canza?

Ga yadda nake raba minti casa'in. Goma na karanta labari da rubuta amsar farko, ashirin na tambaya ta 2 da ta 3, talatin na tambayoyin sauyi uku, ashirin na ta 7 da ta 8, goma na rufewa da sunayen masana. Da wuya lokacin ya isa yadda aka tsara. Idan ya ƙure, a bar ta 6 ko ta 7 zuwa zama na gaba, amma kada a taɓa ta 1 da ta 8 da ta 9, domin su ne ke nuna wa mutum inda ya tashi da inda ya tsaya.

Za a matsa wa mai jagora ya faɗi nasa ra'ayin, musamman idan ana kiransa Malam. Ni nakan ce zan faɗa bayan an tashi, kuma ina cikawa: a wannan labarin ina karkata ga a bi yawan ɗiba, a roƙi attajiri ba tare da an tilasta masa ba, a kuma buɗe wata hanya ta sirri da mai ƙaramin ƙarfi zai sanar da mutum ɗaya amintacce halin da yake ciki. Nakan kuma faɗa musu inda ra'ayin nawa yake yoyo, wato ba wanda ke tsayawa a bakin famfo yana ƙirga jarkoki, kuma mai bulo zai iya cewa nasa 50 ɗin ƙiyasi ne na masu jin haushinsa. Kafin a watse a ɗauki hoton allon, a kuma adana gutsattsarin takardun a ambulan, domin idan aka dawo zama na biyu da labarin jerin kwasar adashi, inda mai haihuwa a wata mai zuwa take neman a ba ta kwasar farko alhali ƙuri'a ta faɗa kan wata, ƙa'idoji biyar ɗin da ke allon su ne za a fara gwadawa a kansa.